Yadda Ake Lissafin Abin da Za a Riƙa Cirewa a Albashi Duk Wata Domin Biyan Rance Mai Kuɗin Ruwa

Na daɗe ina aiki a sashen biyan albashi, kuma kusan duk ƙarshen wata sai wani ya shigo da takardar albashinsa a hannu, ransa a ɓace. Kwanakin baya wani direbanmu, dattijo ne, ya zo ya ajiye tasa a kan teburina ya ce, "Malam, duba mini nan don Allah. Ni da abokin aikina naira dubu ɗari shida-shida muka ranta, kashi goma sha biyu aka ce mana dukanmu, shekara ɗaya kuma za mu biya. To me ya sa ake cire mini dubu hamsin da shida, shi kuma dubu hamsin da uku da 'yan kai?" Na ce, "Baba, zauna mu duba." Da muka buɗe takardun sai muka ga ba a wuri ɗaya suka karɓa ba, kuma ba da hanya ɗaya aka lissafa musu ba. Babu wanda ya yi kuskure a lissafi. Abin da ya faru shi ne kashi 12 ɗin da aka faɗa wa Baba ba irin wanda aka faɗa wa abokinsa ba ne.

Da wannan rance na naira 600,000 zan yi bayanin gaba ɗaya, domin wanda ya bi lissafin sau ɗaya da biro da takarda zai iya yin nasa da kowace irin lamba.

Kalma ɗaya tukuna. Musulmi da yawa suna guje wa rance mai ruwa saboda haramcinsa, shi ya sa ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata a wurare da dama suke ba da rance ba ruwa, ko kuma su sayi kaya su sayar wa ma'aikaci da ƙayyadaddiyar riba ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Hukuncin wannan na malamai ne. Nawa shi ne lissafi, kuma wanda ya riga ya shiga, ko akawun da aka ɗora wa aikin cirewar, dole ya san yadda lambar take fitowa.

Mataki na farko: ka fitar da abu huɗu daga takardar yarjejeniya

Kada ka dogara da abin da aka faɗa maka da baki. Ka karɓi takardar ka nemo uwar kuɗin, wato ainihin abin da aka ranta maka. Ka nemo adadin watannin biya. Ka nemo kason ruwa. Sannan ka nemo hanyar da za a bi wajen lissafa ruwan. Biyun farko ba su da wuyar gani. A na uku da na huɗu ake samun matsala.

Game da kason ruwa, tambayar ita ce: a shekara ne ko a wata? Idan takardar da Turanci take, za ka ga `per annum` ko `p.a.`, wato a shekara, ko kuma `per month`, wato a wata. Mai ba da rance zai iya ce maka "kashi biyu ne kacal," kai kuma ka ji abin ya yi sauƙi, alhali kashi 2 a wata yake nufi, wanda ya zama kashi 24 a shekara. Ka mayar da kowane kaso zuwa na wata kafin ka ci gaba. Kashi 12 a shekara, idan ka raba gida 12, ya zama kashi 1 a wata. A wajen lissafi kashi 1 cikin ɗari ana rubuta shi 0.01, kashi 2 kuma 0.02, kashi ɗaya da rabi 0.015.

Game da hanyar lissafi, kalmomi biyu za ka nema. Ɗaya ita ce `flat rate`, wato ana lissafa ruwa a kan dukan uwar kuɗin tun daga watan farko har na ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan ko kwabo ba. Zan riƙa kiran wannan ruwan tsaye. Ɗayar ita ce `reducing balance`, wato kowane wata ana lissafa ruwa a kan abin da ya rage a kanka kawai. Wannan kuma zan kira shi ruwan ragowa. Idan takardar ba ta ambaci ko ɗaya ba, ka tambaya, kuma ka sa a rubuta amsar kafin ka sa hannu.

Mataki na biyu: idan ruwan tsaye ne

Wannan ba ya ɗaukar minti biyu. Ka ninka uwar kuɗi da kason wata, sannan ka ninka da adadin watanni. Naira 600,000 sau 0.01 ya ba da 6,000, sau wata 12 ya zama 72,000. Wannan shi ne ruwan gaba ɗaya. Ka haɗa shi da uwar kuɗi, ka samu 672,000, ka raba gida 12. Abin da za a riƙa cirewa ke nan: naira 56,000 duk wata. Shi ne abin da ke takardar Baba direba.

Ita ce kuma hanyar da ake bi idan ƙungiya ta saya maka babur ko buhunan shinkafa ta ɗora ribarta: kuɗin kaya da riba a haɗe, a raba da watanni.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, a wata na goma sha biyu bashin da ya rage a kan Baba naira 50,000 ne kawai, amma har a lokacin ana karɓar ruwan naira 6,000 daga gare shi, wato ruwan dubu ɗari shida cif. Kuɗin da ya mayar tun watanni da suka wuce, har yanzu yana biya musu ruwa. Saboda haka kashi 12 na ruwan tsaye a shekara ɗaya, idan aka auna shi da ma'aunin ruwan ragowa, yana kaiwa kusan kashi 21 da rabi. Idan kana son kwatanta rance biyu cikin gaggawa, ka ɗauka cewa kason ruwan tsaye ya kusa ninki biyu na abin da aka rubuta.

Mataki na uku: idan ruwan ragowa ne

Nan ne aikin yake, kuma ya kasu gida biyu. Akwai inda abin da ake cirewa ke raguwa wata bayan wata, akwai kuma inda ake daidaita shi ya zama lamba ɗaya har ƙarshe.

Na farkon ya fi sauƙin ganewa. Ana raba uwar kuɗi daidai da watanni: 600,000 gida 12, wato 50,000. Kowane wata za ka biya wannan 50,000 ɗin, a ɗora ruwan abin da ake bin ka a farkon watan. Watan farko ana bin ka 600,000, ruwansa 6,000, sai a cire 56,000. Wata na biyu ana bin ka 550,000, ruwansa 5,500, sai a cire 55,500. Haka zai riƙa sauka da naira 500 duk wata, har na ƙarshe ya zama 50,500. Jimillar ruwan naira 39,000 ce. Matsalar wannan hanya a ofishin albashi ita ce dole wani ya canza lambar kowane wata, idan kuma aka manta aka bar ta a 56,000, to ma'aikaci ya koma biyan ruwan tsaye ba da saninsa ba. Wanda rancensa irin wannan ne ya riƙa duba takardar albashinsa duk wata, ya tabbatar lambar tana sauka.

Saboda gudun wannan canje-canjen ne aka fi amfani da hanya ta biyu, inda ake nemo lamba ɗaya da za a riƙa cirewa, wadda za ta biya ruwan kowane wata, ragowar kuma ta rage uwar kuɗi, har bashin ya ƙare daidai a watan ƙarshe. Ga ƙa'idar, inda `M` ke nufin abin da za a riƙa cirewa duk wata, `P` uwar kuɗi, `r` kason wata, `n` kuma adadin watanni:

```
M = P × r × (1 + r)^n ÷ ((1 + r)^n − 1)
```

Kada tsawonta ya razana ka, taki huɗu ne. Da farko ka haɗa 1 da kason wata, ka samu 1.01. Sai ka ninka 1.01 da kansa har ya zama guda goma sha biyu a jere, wato 1.01 sau 1.01 sau 1.01, haka har ƙarshe. Idan ka juya kalkuletar wayarka a kwance, galibi za ka ga maɓallin `x^y` ko `^` wanda zai yi maka wannan a bugu ɗaya. Amsar ita ce 1.126825. Ka rubuta ta a gefe, domin sau biyu za ka yi amfani da ita.

Taki na biyu, ka fitar da ruwan watan farko, wato 600,000 sau 0.01, wanda muka riga muka sani 6,000 ne. Na uku, ka ninka 6,000 da 1.126825, ka samu 6,760.95. Na huɗu, ka cire 1 daga 1.126825, ya rage 0.126825, sai ka raba 6,760.95 da shi. Za ka ga naira 53,309 da 'yan kwabbai. Idan aka bar wa na'ura dukan lambobinta ba a gutsure ba, amsar ita ce 53,309.27. Wannan ne abin da ake cire wa abokin Baba.

A nan mutane suka fi yin kuskure, kuma kuskuren na gutsure lamba ne. Wani zai ga 1.126825 ya ce bari ya taƙaita shi zuwa 1.13. Da ya yi haka amsarsa za ta fito 52,154, ƙasa da gaskiya da fiye da naira dubu a kowane wata. Dalili shi ne ana rabawa da ƙaramar lamba, don haka ɗan kuskure a cikinta yana kumbura. Ka riƙe aƙalla lambobi shida bayan ɗigo, sai a amsar ƙarshe ka taƙaita zuwa kwabo.

Wanda yake da kwamfuta, ko manhajar Excel ko Google Sheets a waya, zai iya rubuta wannan a kowane gurbi:

```
=PMT(12%/12, 12, -600000)
```

Na farko kason wata ne, na biyu adadin watanni, na uku uwar kuɗi da alamar ragi a gabanta domin amsar ta fito ba ragi. Idan ka manta ka rubuta `12%` kawai ba ka raba da 12 ba, amsar za ta haura naira 96,000. Da ka ga lamba ta yi tsalle haka, ka koma kan kason.

Yanzu ninka 53,309.27 sau 12, za ka samu kusan 639,711. Ruwan ke nan naira 39,711, a inda Baba ya biya 72,000. Tsakaninsu akwai fiye da naira 32,000, a kan kuɗi ɗaya, wa'adi ɗaya, da kaso ɗaya a baki.

Mataki na huɗu: ka zana jadawali ka gwada amsar

Ni ban yarda da kowace lamba ba sai na ga ta kai bashin ƙasa. Ka ja layi huɗu a takarda: wata, ruwa, abin da ya rage uwar kuɗi, da ragowar bashi. A kowane wata ka ninka ragowar bashi da 0.01, wannan shi ne ruwan watan. Ka cire shi daga 53,309.27, abin da ya rage shi ne ya tafi uwar kuɗi. Ka cire wannan kuma daga bashin, ka sauko layi na gaba.

```
Wata   Ruwa       Uwar kuɗi    Ragowa
1      6,000.00   47,309.27    552,690.73
2      5,526.91   47,782.36    504,908.37
3      5,049.08   48,260.19    456,648.18
6      3,586.75   49,722.52    308,952.65
11     1,050.40   52,258.87     52,781.49
12       527.81   52,781.46          0.03
```

Na tsallake wasu watanni don kada a cika shafi, amma kai ka yi duka goma sha biyun. Kwabo uku da suka rage a ƙarshe daga taƙaita kwabbai suka fito, ana haɗa su a cirewar ƙarshe. Idan ragowarka ta ƙarshe ta kai ɗaruruwa ko dubbai, ko sama ko ƙasa, to akwai kuskure a lambar wata-wata, ka koma mataki na uku.

Wannan jadawalin yana da wani amfani da ya wuce gwaji. A ce bayan wata shida an biya ka wasu haƙƙoƙi da aka riƙe maka, kana son ka sauke bashin gaba ɗaya. Abin da ake bin ka shi ne ragowar da ke layin wata na shida, naira 308,952.65. Wanda bai sani ba zai ninka 53,309.27 sau watanni shida da suka rage ya ce maka 319,855.62, wato ya haɗa maka da ruwan watannin da ba su zo ba, kusan naira 10,900. Sai dai ka duba yarjejeniyar ko ta sa tara a kan biya kafin wa'adi. A ruwan tsaye kuwa, sau da yawa an riga an ɗora ruwan duka tun ranar farko, kuma ba a rage komai don ka biya da wuri sai idan takardar ta faɗi haka.

Mataki na biyar: shin albashin zai ɗauka?

Samun lambar daban, iya zama da ita daban. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 5, ta ce jimillar abin da za a cire daga ladan ma'aikaci a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na ladan watan. Ba kowane rukunin ma'aikata dokar ta shafa ba, domin ta ware masu manyan muƙaman gudanarwa da ƙwararru, amma ofisoshi da yawa suna amfani da wannan ma'aunin a kan kowa idan ana maganar rance. Ka tambayi sashen albashinku a kan wace lamba suke auna kashi ɗaya bisa ukun, albashin kafin a cire haraji da kuɗin fansho ko bayan an cire. Shawarata ita ce kai ka auna da abin da ke shiga asusunka, domin da shi ake cefane.

A ce abin da ke shigo maka naira 180,000 ne. Ɗaya bisa ukunsa 60,000. Cirewar 53,309 ta shiga ciki, ta 56,000 ma ta shiga da ƙyar. To amma idan akwai wani tsohon bashi da ake cire maka 10,000, abin da ya rage maka 50,000 ne, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da zai shiga. A nan sai ka juya lissafin ka tambayi nawa ne 50,000 a wata zai iya biya:

```
=PV(12%/12, 12, -50000)
```

Amsar kusan naira 562,754 ce. Ko ka rage abin da za ka karɓa zuwa nan, ko ka ƙara watanni. Ƙara watanni yana da daɗi a ido, domin idan aka kai wa'adin wata 24, cirewar ruwan ragowa za ta sauko 28,244.08. Amma jimillar ruwan za ta tashi daga 39,711 zuwa kusan 77,858. A ruwan tsaye kuma za a riƙa cire 31,000, ruwan ya zama 144,000. Duk wanda ya zo mini da maganar tsawaita wa'adi, sai na rubuta masa lambobin biyu gefe da gefe, ta wata da ta jimilla, ya zaɓa yana gani.

Abubuwan da ke sa takardar albashi ta saɓa da lissafinka

Idan ka gama lissafi tsaf amma lambar da aka cire ta bambanta, kafin ka ɗaga murya ka duba abu uku.

Na ɗaya, ranar da aka fara cirewa. Ƙa'idar da muka bi ta ɗauka cewa za a yi cirewar farko wata ɗaya bayan an ba ka kuɗin. Idan takardarka ta makara ba ta shiga albashin watan ba, sai wata na biyu aka fara, wasu masu ba da rance za su ɗora ruwan watan da aka tsallake a kan uwar kuɗi. Bashin ya zama 606,000, cirewar kuma ta koma kusan 53,842. Don haka da zarar kuɗi sun shigo hannunka, ka bi sawun takardar cirewa har ka ga ta isa sashen albashi kafin su rufe lissafin watan.

Na biyu, kuɗin fom, kuɗin gudanarwa da inshora. Wani wuri ana zare su tun daga farko, wani wuri kuma ana ɗora su a kan uwar kuɗi su ma su riƙa haifar ruwa. Idan an ɗora, to `P` ɗinka ba 600,000 ba ne, sai ka haɗa su ka sake lissafi. Akwai ma inda ake zare ruwan gaba ɗaya kafin a ba ka: ka sa hannu a kan 600,000, a tura maka 528,000, a riƙa cire 50,000 duk wata. A takardar albashi wannan ya fi na Baba kyan gani, amma ya fi shi tsada, domin ruwan 72,000 ɗin nan a kan 528,000 da ka riƙe a hannu ka biya shi. Kullum ka kwatanta abin da ya shigo asusunka da jimillar abin da zai fita daga albashinka.

Na uku ya taɓa faruwa da ni kaina a wani wuri da na yi aiki, kuma har yau ina jin ciwonsa. Na gama biyan rance na wata goma sha biyu, amma aka ci gaba da cirewa a wata na goma sha uku da na goma sha huɗu, saboda wanda ya shigar da umarnin bai sa watan tsayawa ba. Ban lura da wuri ba, don a lokacin saƙon banki kawai nake dubawa, ba na karɓar takardar albashi. Sai da na shafe watanni ina kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan kafin a mayar mini da kuɗina, kuma abin da ya cece ni shi ne kwafin yarjejeniyar da na adana. Tun daga nan nake gaya wa duk wanda ya karɓi rance ya rubuta watan farko da watan ƙarshe a saman jadawalinsa. Idan an fara cirewa a Maris, wata na goma sha biyu Fabrairu ne na shekara mai zuwa, ba Maris ba. Kowane wata ka sa alama a layin da aka cire, ka haɗa takardar albashin da jadawalin a fayil ɗaya. Idan saura wata ɗaya a gama, ka rubuta wa sashen albashi takardar tuni cewa cirewar Fabrairu ita ce ta ƙarshe, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Bayan an yi cirewar ƙarshe kuma ka nemi takardar shaidar kammala biya daga wanda ya ba ka rancen, ka kai kwafi ɗaya sashen albashi, ka riƙe ɗaya.